Yadda malamin sa-kai zai rubuta bayanin neman horon koyarwa, ya kafa hujja da abin da ya faru a ajinsa

A unguwannin Kano akwai matasa da yawa, maza da mata, da ke koyar da yara ba tare da albashi ba: wasu a makarantar firamare ta unguwa inda malamai suka yi ƙaranci, wasu a Islamiyya, wasu kuma a darasin yamma da ake shiryawa a zaure ko a harabar masallaci. Idan irin wannan matashi ya tashi neman horon koyarwa, aka ce ya rubuta bayanin kansa, sau da yawa sai ya bar abu mafi daraja da yake da shi a gefe, ya cika takarda da cewa tun yana ƙarami yake son koyarwa, kuma ilimi shi ne gishirin zaman duniya. Mai tantancewa ya karanta irin wannan magana har ta gundure shi, kuma ba ta bambanta mai nema da na kusa da shi. Abin da malamin sa-kai ya fi sauran masu nema da shi shi ne ya taɓa tsayawa gaban yara, ya ga inda suka kasa ganewa, ya yi wani abu a kai. A kan wannan ya kamata a gina bayanin gaba ɗaya.

Da farko a san inda takardar za ta je. Shiga karatun NCE, wanda shi ne mafi ƙarancin shaidar da ake karɓa don koyarwa a Nijeriya kuma ake yin sa cikin shekara uku, ya dogara ne kan sakamakon jarrabawa, musamman ta kammala sakandare, don haka bayani komai kyansa ba zai cike gurbin darasin da ba a ci ba. Wanda yake da digiri a wani fanni kuma yana son shaidar koyarwa, hanyarsa ita ce PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri, wadda ake yi a Jami'ar Bayero da kuma cibiyoyin karatu na NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa mai hedikwata a Kaduna. Inda bayanin kai yake da nauyi sosai shi ne wajen neman tallafin karatu, da shirye-shiryen horar da malamai da ake zaɓen mutane kaɗan daga cikin masu nema da yawa, da kuma duk inda za a kira mutum a yi masa tambayoyi baki da baki. Saboda haka kafin ka rubuta kalma ɗaya, ka karanta sanarwar neman sau biyu, ka fitar da abu uku a gefe: tambayar da aka yi, adadin kalmomin da aka ƙayyade, da harshen da ake so a rubuta da shi. Idan an ce kalma 500, kada ka kai 700, domin wanda ya kasa bin umarni na farko ya riga ya faɗa wa mai tantancewa wani abu game da kansa.

Tattara shaida kafin a fara rubutu

Kada ka fara da alƙalami da farar takarda. Ka fara da tsofaffin takardun ajinka: littafin da kake kiran suna, littafin da kake tsara darasi ko da kuwa a taƙaice kake rubutawa, takardun gwajin da ka yi wa yara, da littattafan aikin wasu daga cikinsu idan iyaye sun yarda ka ara. Daga cikinsu ka fitar da ainihin bayanai: watan da ka fara, aji nawa kake koyarwa, yara nawa ne a rajista kuma nawa ne ke zuwa a kai a kai, kwana nawa a mako, darasin me. Waɗannan su ne ƙashin bayan bayanin, kuma su ne abin da shugaban makaranta zai iya tabbatarwa idan an tuntuɓe shi.

Idan ba ka taɓa ajiye irin waɗannan takardu ba, kuma akwai sauran wata biyu kafin a rufe karɓar takardu, to lokaci bai ƙure ba. Ka zaɓi abu ɗaya da ka san yaranka na fama da shi, ka yi musu ɗan gajeren gwaji a makon nan, ka ajiye takardun, ka yi aiki a kan matsalar na mako biyar ko shida, sannan ka sake gwada su. Idan kuwa kwanaki kaɗan suka rage, ka rubuta abin da ka tabbatar da shi kawai, ka bar alƙaluman da ba ka da takardarsu. Lamba da aka ƙirƙira tana rushewa da tambaya ɗaya a gaban masu tantancewa.

Zaɓen al'amari guda

A nan ne yawancin masu nema ke ɓata aikinsu, domin suna so su faɗi komai: sun koyar da lissafi da Turanci da Hausa, sun shirya gasar kacici-kacici, sun raba faɗa, sun bi gida-gida suna dawo da yaran da suka daina zuwa. Duk wannan na iya zama gaskiya, amma idan aka jera su a layi ɗaya, babu wanda aka gani da kyau. Ka zaɓi al'amari guda ka bi shi daga farko zuwa ƙarshe. Al'amarin da ya cancanta shi ne wanda za ka iya faɗin abin da ka lura da shi, da dalilin da ka zato, da abin da ka sauya a koyarwarka, da abin da ya biyo baya, da kuma abin da ya gagare ka har yanzu.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi dalla-dalla. A ce wata matashiya ce da ta kammala sakandare, tana koyar da lissafi kyauta a darasin yamma a wata unguwa ta yankin Kurna, kwana uku a mako, tsawon shekara ɗaya da rabi. Yaranta 'yan aji huɗu da biyar ne na firamare, su 38 a rajista. Ta daɗe tana ganin cewa idan ta rubuta lissafin ɗebewa a allo, aji na amsawa da murya ɗaya kamar kowa ya gane, amma idan ta karɓi littattafai sai ta ga jan biro ya yi yawa. Wata rana, maimakon ta kafta alamar kuskure ta wuce, sai ta tsaya ta dubi amsoshin da ba daidai ba. A tambayar 43 − 18, yara da yawa sun rubuta 35, alhali amsar 25 ce. A tambayar 52 − 27 kuma, wadda amsarta ita ma 25 ce, sun sake rubuta 35.

Kuskuren da yara da yawa suka yi iri ɗaya ba sakaci ba ne, akwai ƙa'idar da suke bi a ransu. Da ta kira yaro ɗaya ta ce ya yi lissafin da babbar murya, sai ta ji yana cewa: “Ba a cire takwas daga uku, sai a cire uku daga takwas, saura biyar.” Wato yaran sun riƙe cewa kullum ƙaramar lamba ake cirewa daga babba, ko tana sama ko tana ƙasa, kuma suna kallon kowane layi na lissafin a matsayin tambaya mai zaman kanta. Ba su ga cewa 4 da ke cikin 43 goma sau huɗu ce ba, balle su fahimci abin da ake nufi da aro.

Sai ta shirya gwaji mai tambaya goma, biyar da ba sa buƙatar aro, biyar masu buƙata. Yawancin yaran sun ci biyar ɗin farko, wanda ya nuna mata cewa ɗebewa ita kanta ba ta gagare su ba. Bayan haka ta daina maimaita ƙa'idar a allo. Ta sa yara suka kawo tsinken tsintsiya, aka ɗaure su goma-goma da kyauron roba, aka bar wasu a warware. Kowane rukuni na yara biyar ya ajiye ɗauri huɗu da tsinke uku a gabansa, ta ce su ba ta goma sha takwas. Nan take suka ga tsinke uku ba za su isa a cire takwas ba, kuma babu mafita sai a kwance ɗauri ɗaya ya zama tsinke goma sha uku, ɗauri ya koma uku. Sai da suka yi haka da hannunsu sau da yawa, sannan ta koma allo ta nuna musu cewa kwance ɗaurin nan shi ne abin da ake rubutawa idan aka soke 4 aka mayar da ita 3, aka ɗora 1 a gaban 3 ta zama 13.

Bayan mako shida ta sake gwaji da sababbin lambobi masu wahala iri ɗaya. A nan akwai wajen da ya kamata a yi hattara. Yaran da suka zo ranar gwajin farko ba su ne daidai waɗanda suka zo ranar na biyu ba, domin wasu sun tafi talla, wasu ba su da lafiya, wasu sababbi ne. Idan ta kwatanta jimillar ranar farko da ta ranar biyu, kwatancen bai tsaya a kan komai ba. Abin da ya dace shi ne ta ƙirga waɗanda suka yi gwajin duka biyun kawai. A misalinmu su 26 ne. A karon farko 6 daga cikinsu ne suka ci aƙalla huɗu cikin tambayoyi biyar masu aro, a karo na biyu kuma 17. Saura 9 ba su kai ba, kuma da ta duba takardunsu sai ta ga yawancinsu sifili ne ke kayar da su: a 60 − 24 suna rubuta 44 maimakon 36. Akwai kuma yara biyu da ba sa iya karanta lambar da ta wuce ashirin, waɗanda tsinken bai amfane su da komai ba, domin matsalarsu ta girmi darasin.

Waɗannan yara tara su ne mafi amfani ga bayaninta, ko da yake zuciya za ta so ta ɓoye su. Mai neman horo da ya nuna cewa komai ya tafi daidai a hannunsa ya bar mai karatu da tambayar me zai zo ya koya. Wadda ta ce ta kai yara 17 gaci, amma ba ta san yadda za ta tafi da yaran da ke mataki daban-daban a aji ɗaya ba, ta faɗi ainihin dalilin da ya sa take buƙatar horo, kuma dalili ne da duk wanda ya taɓa koyarwa zai gane nan take.

Tsara rubutun

A ɗauka an ba da kalma 500. A ganina, kimanin kalma 70 sun isa gabatarwa, 250 su tafi ga al'amarin aji, 100 ga abin da ya gagara da yadda horon zai magance shi, sauran kuma ga abin da ake niyyar yi bayan kammalawa. Rabin takardar ke nan aka ba wa aji, kuma haka ya kamata.

Gabatarwa ta faɗi wane ne kai, me kake nema, da kuma a ina ka koyar, ba tare da kewaye-kewaye ba. Matashiyar misalinmu za ta iya buɗewa da cewa: “Ina neman gurbi a wannan shiri na horar da malaman firamare. Shekara ɗaya da rabi ke nan ina koyar da lissafi a matsayin malamar sa-kai a darasin yamma na unguwarmu, kwana uku a mako, ga yara 38 'yan aji huɗu da biyar.” Jimla biyu, kuma mai karatu ya riga ya san da wa yake magana.

Sakin layi na biyu shi ne zuciyar takardar, kuma ga yadda zai iya kasancewa: “A zangon karatu na biyu na lura cewa yara da yawa suna ba da amsa 35 ga tambayar 43 − 18. Da na sa ɗaya daga cikinsu ya bayyana mini yadda ya yi, na gane suna cire ƙaramar lamba daga babba a kowane layi, domin ba su fahimci matsayin goma-goma ba. Na yi musu gwaji don in tabbatar, sannan na koma koyar da su da tsinken tsintsiya da aka ɗaure goma-goma, ta yadda sai sun kwance ɗauri da hannunsu kafin su iya cirewa. Bayan mako shida, cikin yara 26 da suka yi gwajin farko da na biyu, waɗanda suka ci aƙalla huɗu cikin tambayoyi biyar masu aro sun tashi daga 6 zuwa 17.” A lura cewa babu inda ta ce tana da haƙuri, ko basira, ko kishin yara. Mai karatu zai ga waɗannan da kansa a cikin abin da ta yi, kuma abin da ya gano da kansa ya fi zama masa a rai fiye da abin da aka gaya masa.

A sakin layi na uku sai ta kawo yara taran, ta haɗa su da abin da kwas ɗin ke koyarwa. Wannan na buƙatar ta nemi jerin darussan shirin ta karanta. Kwasa-kwasan horar da malamai sukan ƙunshi dabarun koyarwa, da nazarin yadda yara ke koyo, da hanyoyin auna fahimta, da kuma lokacin da ake tura ɗalibi makaranta ya koyar a ƙarƙashin kulawar mai duba shi. Ta zaɓi biyu da suka dace da matsalarta. Za ta iya cewa tana son ta koyi yadda ake auna matakin kowane yaro tun farkon zango don a raba aji rukuni-rukuni, kuma tana son gogaggen malami ya zauna a bayan ajinta ya gaya mata abin da ba ta gani, domin tun da ta fara babu wanda ya taɓa duba darasinta. Idan aka kwatanta wannan da “ina so in ƙaro ilimi don in taimaki al'ummata”, bambancin a fili yake.

Sakin layi na ƙarshe ya zama gajere kuma daidai da ƙarfin mai nema: matakin da yake son koyarwa, darasin da yake son ƙwarewa a kai, da niyyarsa ta yin rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN idan ya samu shaidar da ta ba shi dama. Alkawarin gyara ilimin jiha baki ɗaya ba ya ƙara komai.

Abubuwan da ke ɓata bayani mai kyau

Na farko shi ne ɗaukar yabon da ba naka kaɗai ba. Yaran darasin yamma suna zuwa makarantar boko da safe, kuma mai yiwuwa malaminsu na can ya koyar da aro a cikin makonnin nan shida. Don haka a rubuta cewa sakamakon ya tashi bayan sauyin da aka yi, a guji cewa sauyin ne kaɗai ya jawo shi. Haka nan idan wani malami ne ya ba ka shawarar tsinken, ka faɗa, domin karɓar shawara na daga cikin halayen da masu horarwa ke nema.

Na biyu shi ne sirrin yara. Kada a sa sunan yaro, ko hotonsa, ko bayanin gidansu da zai sa a gane shi. “Wani yaro ɗan aji huɗu” ya wadatar. Idan za a haɗa kwafin takardar gwaji, a rufe sunan tukuna. Haka kuma kada a mayar da bayanin wajen kushe makarantar da ta buɗe maka ƙofa ko malamanta. Idan yara sun yi yawa ko babu kujeru, a faɗi adadin da yanayin a jimla ɗaya a matsayin halin da aka yi aiki a ciki, a wuce.

Sai batun harshe. Galibi za a nemi bayanin da Turanci, kuma a nan wasu ke kai takardarsu shagon buga takardu a ciro musu wani tsohon bayani a sauya suna. Irin wannan takarda ana gane ta da wuri: kalmomi manya, babu lamba ko ɗaya, babu yaro ko ɗaya. Hanyar da ta fi ita ce ka fara rubuta al'amarin da Hausa yadda ya faru, har sai ka tabbatar tsarinsa ya tsaya, sannan ka rubuta shi da Turancin da kai kanka kake iya furtawa. Ka ba wanda ya fi ka Turanci ya gyara nahawu da rubutun kalmomi, amma ka roƙe shi kada ya sauya maka jimloli zuwa nasa, saboda ranar tantancewa kai za a tambaya.

Takardar shaida da ranar tambayoyi

Bayanin yana ƙara ƙarfi idan wani ya tabbatar da shi. Ka je wurin shugaban makarantar ko mai kula da darasin tun da sauran aƙalla mako biyu, da kwafin bayaninka a hannu, ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka ce: “Ranka ya daɗe, Malam, ina neman gurbin horon koyarwa ne, kuma ga abin da na rubuta game da aikina a nan. Ina roƙon a duba, idan ya yi daidai da abin da aka sani, a taimaka mini da takardar shaida.” Ka roƙi takardar ta ƙunshi lokacin da ka fara, ajin da ka riƙe, cewa aikin na sa-kai ne, da sa hannu da hatimi da lambar da za a iya samunsa. Ka duba cewa kwanakin da ya rubuta sun yi daidai da naka. Idan kai ka ce shekara ɗaya da rabi shi kuma ya ce wata goma, mai tantancewa zai fara shakkar sauran abin da ka faɗa, ko da kuskuren ƙirga ne kawai.

Kafin miƙa takardar, ka ba wani malami ya karanta, sannan ka karɓe ta ka tambaye shi abu uku: wace matsala yaran suke da ita, me ka yi a kai, kuma me kake so ka koya. Idan ya amsa duka ukun ba tare da ya sake dubawa ba, bayanin ya fito. Idan ya ce “na ga dai kana son koyarwa”, sai ka koma sakin layi na biyu ka ƙara masa abin da ya faru, ka rage abin da kake ji.

Ranar tambayoyi kuma ka tafi da littafin kiran suna da takardun gwaji biyun a cikin fayil, sunaye a rufe. Tambayoyin da suka fi yiwuwa daga cikin bayanin za su fito: me ya sa ka zaɓi tsinke, yaya ka yi da sauran yara yayin da kake tare da rukuni ɗaya, ina labarin yara 12 da ba su yi gwajin duka biyu ba. Matashiyar misalinmu ya kamata ta shirya har da nuna darasin a aikace cikin minti biyar, domin ana iya miƙa mata alli a ce ta koyar da 60 − 24 kamar masu tantancewar su ne yaran, wato daidai tambayar da ta rubuta da hannunta cewa ita ce ta kayar da ɗalibanta.